Manhajar tuna wa Baba lokacin magani

"Baba yana shan ƙwayoyi huɗu, lokaci daban-daban. Wace manhaja ce za ta riƙa tuna masa?"

Malam, gwada MyTherapy, kana sa wa kowace ƙwaya sunanta da lokacinta. Ka ɗora lokutan a kan abin da ya saba, misali ta hawan jini bayan Asuba, Metformin ta ciwon suga kuma tare da abinci. Amma kada ka sauya wa kowace lokaci sai likita ya amince.

Inda ake samun matsala, musamman a Tecno da Infinix ɗin da suka cika Kaduna, tsarin tattalin batir ne, yana kashe manhajar, ƙararrawa ta daina bugawa. Cire ta daga wannan tsarin, ka saita gwaji na minti 10, ka kulle wayar ka ji ko za ta buga.

In Baba ya tsallake ƙwaya, don Allah kada ya haɗa biyu. Allah ya ƙara masa lafiya.