Rubutu ɗaya a mako: yaya zan tsara shekarar?

Tambaya: "Jama'a, ni kaɗai nake rubutuna a kan kiwo, kuma aiki bai bar ni in fitar da fiye da ɗaya a mako ba. Kullum sai daren ranar nake neman abin da zan rubuta. Don Allah yaya ake tsara jadawali?"

Ɗan'uwa, wallahi kamar da bakina ka yi magana. Ni ma a kan kiwo nake rubutu, kuma na sha zama ƙarfe ɗayan dare da waya a hannu, caji na ƙarewa, kaina wayam.

Bari in ba ka labarin abin da ya sa na yi hankali. Wata shekara na yi wa masu karatuna alkawarin rubutu kashi uku kan sayen ragon layya, duk na ɗora su a kan hira da wani dillali a Zangon Tudun Wada da ke Kaduna. Mutumin nan ya ce in zo Asabar. Na taso daga Kawo cikin ruwan sama, na tarar wai ya tafi ƙauye sarin dabbobi. Asabar ta gaba yana nan, amma ya ce in ɗan jira ya sallami masu ciniki. Na tsaya cikin taɓo da kashin shanu har la'asar, takalmina ya tsinke, a ƙarshe ya dube ni ya ce, "Malam, ka bari sai bayan Sallah." Bayan Sallah! Wa zai karanta yadda ake zaɓen rago alhali ana suyar nama? Har yau in na tuna yadda ya faɗe ta yana ƙirga kuɗi, ko kunya babu, sai raina ya ɓaci. Mako uku ban fitar da komai ba, wani mai karatu har tambaya ya yi ko na daina ne.

Daga baya na gane har da laifina. Mai fitar da rubutu kullum, in ɗaya ya faɗi gobe ya rufe gurbin. Mu kuwa gurbi 52 ne kacal a shekara, kuma ba duka ne namu ba. Ni ina cire makon Ƙaramar Sallah da na Babba, in ware wasu shida saboda zazzaɓi, biki da rasuwa. Saura 44 ke nan, su nake tsarawa da sabon rubutu.

Kuma yanzu daga baya nake ƙirgowa. Ina fara sa ranar Babbar Sallah, 10 ga Zulhijja. Rubutun zaɓen rago ya fita saura mako uku, lokacin da mutane suka fara zagayen kasuwa. Ke nan hirar a gama ta saura mako shida, tun dillalai ba su shiga ruguntsumi ba. Rubutun turka rago kuma, tsakanin salloli biyun kusan mako goma ne, saboda haka tun cikin azumi ya kamata ya fita, in ba haka ba mai kiwo ya makara. Kada ka kwafe jadawalin bara, domin Sallah tana matsowa da kusan kwana 11 duk shekara. Ka kuma bar sararin kwana ɗaya ko biyu, tunda sai Sarkin Musulmi ya sanar da ganin wata.

Rubutu iri biyu ne a wurina, ɗanyen tumatir da kauɗa. Farashin dusa a wannan makon ɗanye ne, in ya kwana bakwai ya ruɓe. Yadda ake gane shekarun rago ta haƙori kuwa kauɗa ce, ko baɗi za ta yi miya. Kullum ina da kauɗa uku a ajiye, rubutattu har da hotuna. Da su nake cike waɗancan makonni shidan, kuma in na ci ɗaya sai na mayar kafin wata ya ƙare. Ranar da ka ga ajiyarka ta koma ɗaya, to jadawalin ya fara rushewa, ko da ba ka fashi mako ba tukuna.

Jadawalin kansa ba wani abu ba ne. A Google Sheets nake yi, amma littafin makaranta ma ya isa: ranar fita, batu, inda aka kwana, sai wanda nake jira. Wannan na ƙarshen, dillalin nan ne ya sa na ƙara shi. Duk rubutun da ke jiran bakin wani, ba na sanar da shi sai muryarsa ta shiga wayata, kuma ba na jera irinsa biyu a jere.

Ranakun shekara na gindaya su duka, amma batutuwa na wata uku kawai nake cikewa, don tambayoyin masu karatu sukan sauya mini hanya. In kai ma'aikacin jihar Kaduna ne, tun Disamba 2021 aka koma aikin kwana huɗu, to safiyar Juma'a ta rubutu ce. Ni ina yi kafin masallaci, in bar shi ya kwana, in gyara Asabar, ya fita Lahadi. Ka ɗauki hotunan tun ranar da ka shiga kasuwa, ni dai ba na sake komawa cikin taɓon nan don hoto ɗaya.