Dalilin da ya sa Golden Cross da Death Cross ke makara

"Na ga Death Cross na sayar, sai farashi ya tashi. Ina matsalar?"

Ɗan'uwa, Death Cross shi ne layin MA 50 ya ratsa layin MA 200 ya yi ƙasa, Golden Cross kuwa ya ratsa shi ya yi sama, kuma layukan nan bayansu suke kallo. MA 50 matsakaicin farashin rufewa ne na kwana 50 da suka wuce, MA 200 kuwa na kwana 200. Farashin yau kashi ɗaya ne kacal cikin 200, shi ya sa dogon layin yake bin kasuwa da tazarar kusan kwana 100, gajeren kuma kusan 25. Kafin gajeren ya ratsa dogon, aikin gama ya gama.

Dubi S&P 500, ma'aunin hannayen jarin manyan kamfanonin Amurka, a 2020. Ya kai ƙololuwa ranar 19 ga Fabrairu, ya zube da kusan kashi 34 cikin 100 zuwa 23 ga Maris. Death Cross bai bayyana ba sai a ƙarshen Maris, bayan farashi ya juyo. Golden Cross kuma sai Yuli, lokacin farashi ya ƙaru da kusan kashi 40 cikin 100 daga inda ya faɗo a Maris. Wanda ya bi su ya sayar da araha, ya sake saye da tsada.

Ni kam, in na ga MA 200 a kwance, ba na kula ratsawar, domin a irin wannan kasuwar layukan sukan yi ta sarƙewa.