Na tura takardar tayin aiki, yau kwana takwas shiru: in yi tuni ko in jira?

"Salamu alaikum. Na yi zama da manajan wani kamfani, ya ce in rubuto masa tayin aikin da muka tattauna. Na tura ta imel ranar Litinin ta makon jiya, yau Talata, ko 'na gani' bai ce ba. In yi tuni yanzu ko in ƙara jira? Kuma me zan rubuta kada a ga kamar na matsa?"

Wa alaikumus salam, Malam. Ka yi tunin, lokacinsa ya yi. In ka cire Asabar da Lahadi, kwanakin aiki shida ne suka wuce, ni kuwa biyar nake ƙirgawa kafin tunin farko. Na fi shekara goma ina rubuta wa ƙungiyoyi da kamfanoni tayin horar da ma'aikata, kuma abin da na fi gani shi ne shirun makon farko ba kasafai yake nufin an ƙi ba. Sau da yawa wanda ka tura wa ba shi ne mai sa hannu ba. Takardar tana teburin akanta, ko tana jiran zaman wani kwamiti, shi kuma ba ya son ya amsa maka da "ban sani ba tukuna".

Kafin ka rubuta komai, ka tabbatar saƙon farko ya isa. Duba adireshin harafi bayan harafi, sannan ka leƙa akwatinka, har da wurin Spam, ko akwai saƙon da ya dawo yana cewa ba a isar ba. Fayil mai nauyi yakan jawo haka: Gmail ba ya liƙa abin da ya wuce 25 MB, sai ya mayar da shi mahaɗin Google Drive, wasu kamfanonin kuma iyakarsu ba ta kai haka ba. Kuma kada ka dogara da manhajojin nan masu nuna maka "an buɗe saƙonka". Tun 2021 manhajar Mail ta Apple take iya sauke hotunan da ke cikin saƙo da kanta, sai a nuna maka an buɗe alhali mutumin ko kallonsa bai yi ba.

Yanzu abin da za ka rubuta, wanda shi ne ya fi ƙirga kwanaki muhimmanci. A farkon aikina na yi asarar wata kwangila da hannuna. Na tura tayi, bayan kwana biyu na rubuta "ina fatan kun ga saƙona", bayan wasu kwana biyun "har yanzu ina jiran amsarku", sai na uku a cikin mako guda. Daga baya wani da ke aiki a wurin ya gaya min takardata tana cikin biyun da ake dubawa, amma shugabar sashen ta ce wanda ya hana su sakat tun ba a fara ba, ina ga an ba shi aikin. Abin ya yi min ciwo ƙwarai. Da na koma na karanta saƙonnin, sai na ga duka ukun maganar jirana kawai suke yi. Babu guda da ya ba ta abin da za ta iya amsawa a layi ɗaya.

Tun daga nan nake gina saƙon tuni a kan tambaya ɗaya tak, wadda mutum zai iya amsawa yana tsaye da waya a hannu. Ga wanda na tura wa wata ƙungiya da ta nemi in horar da ma'aikatanta 20 kan adana bayanai, bayan kwanakin aiki biyar na shiru:

"Ranka ya daɗe, barka da aiki. Ina tuni ne kan tayin horar da ma'aikata 20 da na turo ranar 4 ga wata, na sake liƙa shi a nan don sauƙi. A zamanmu kun ce kuna son a gama kafin ƙarshen wata mai zuwa, kuma don haka ya yiwu sai an fara shiri nan da mako biyu. Shin takardar tana hannunku ne, ko akwai wanda ya kamata in yi wa ƙarin bayani kan kuɗin? Na gode."

Lura da cewa ranar da na ambata tasu ce, daga bakinsu ta fito, ban ƙirƙiro gaggawa ba. In ka ce "tayin zai ƙare jibi" alhali ba gaskiya ba ne, ranar da jibi ta wuce kana nan kana jira, maganarka ta zube. Ban kuma ba da haƙurin damunsu ba, domin su suka ce in rubuto. Sannan a kan tsohon saƙon na danna Reply, ban buɗe sabo ba, don ya zamana take ɗaya ne, takardar da ranar duk suna ƙasa, ba sai ya je lalube ba.

Washegari amsa ta zo, layi biyu: takardar tana wurin akanta, kuma kasafin wannan zangon ba zai ɗauki kuɗin gaba ɗaya ba. Ashe abin da ya tsayar da ita ke nan. Na raba horon gida biyu, mutum 10 yanzu, 10 a zango na gaba, aka sa hannu. Da "ina jiran amsarku" na rubuta, da ban taɓa sanin inda gizo ke saƙar ba, domin mutum yana jin nauyin ya ce maka kuɗi ne matsalar sai ka buɗe masa ƙofar.

Game da lokacin turawa, da hantsi nake turawa a ranar aiki, bisa agogon wanda zai karɓa. Ina guje wa safiyar farkon mako, lokacin da akwati ke cike, da yammacin ƙarshensa. In da dare ka rubuta, Gmail yana da Schedule send, ka sa ya tafi da safe.

In wannan ma ya yi shiru, ka bar mako guda zuwa kwana goma, sannan ka yi na biyu da wani abu sabo a ciki: taƙaitaccen tayin a shafi ɗaya, ko tambayar ko za a iya kiran waya na minti goma. Na uku, bayan kamar mako biyu, shi ne na rufewa. Nakan ce na fahimci wataƙila lokacin bai dace ba, zan saki kwanakin da na ware musu, in buƙatar ta taso ina nan. Wannan saƙon ya sha fito min da amsa, ko da "a'a" ce, kuma daga shi ba na ƙarawa. Kada kuma ka tsallake manajan ka sa shugabansa a Cc don ka tsorata shi, zai ɗauka ƙararsa ka kai.

Wuri ɗaya ne wannan lissafin ba ya aiki. In tayin na gasar kwangila ne ko neman tallafi da aka sanar da ranar fitar da sakamako, ka jira ranar ta wuce, kuma ta hanyar da suka tanada kaɗai za ka yi tambaya. Naka ba irin wannan ba ne, tunda baki da baki ya nema. Ka tuna ko ya ambaci wata rana a zamanku. In ya ce "sai mun yi taro ranar Alhamis", ka bari Alhamis ɗin ta wuce da kwana ɗaya ko biyu. In bai ambaci irin wannan ranar ba, gobe Laraba da hantsi ka tura, kuma in ya faɗi ranar da yake son a gama aikin, ka sa ta a jimla ta biyu.