Shin bayyana giɓin bincike yana rage wa rahoto ƙarfi?

Tambaya: Malam, mun yi binciken kasuwa ta waya a kan sabon kayan da kamfaninmu zai fitar. Mun kira mutum 2,000, mutum 400 suka amsa, kashi 62 cikin 100 suka ce za su saya, ƙa'idarmu kuwa kashi 40 ne kafin a fara sayarwar gwaji. Damuwata ita ce 'yan sama da shekara 45 mutum 50 kawai muka samu, 17 suka ce za su saya, alhali su ne kashi 30 na kasuwar. Shugabana ya ce in cire sashen iyakoki don kada masu zuba jari su tsorata, ko kuma mu ƙara yawan mutane a huta. Ina tsoron ɓoyewa, ina kuma tsoron rushe aikina da kaina. Yaya zan yi?

Amsa: Malama, kada ki cire sashen, amma kada ki rubuta shi kamar takardar neman afuwa. Abin da ke raunana rahoto shi ne iyakar da aka ambata aka bar ta haka nan, irin su "mai yiwuwa sakamakon bai wakilci kowa ba", domin mai karatu ba zai san ko kuskuren na maki 2 ne ko na maki 30 ba, kuma mai kuɗi idan bai sani ba mafi muni yake ɗauka. Kowace iyaka da za ki rubuta dole ta faɗi inda matsalar take, ɓangaren da take karkatar da adadin, sama ko ƙasa, da kuma ko ta kai ta sauya shawarar da kika bayar.

Mu gwada da alƙalumanki. Kashi 62 na mutum 400 mutum 248 ne. Idan aka cire dattawa 17, saura 231 cikin 350, wato kashi 66 a tsakanin masu ƙananan shekaru, dattawa kuma 17 cikin 50, kashi 34. Tun da a kasuwa dattawa kashi 30 ne, a samfurinki kuwa, wato mutum 400 da suka amsa, kashi 12.5 kacal, sai ki ba kowane rukuni nauyinsa na gaskiya: kashi 70 na 66 ya ba da 46.2, kashi 30 na 34 ya ba da 10.2, jimla 56.4. Saboda haka adadin da ya kamata ya hau shafin farko shi ne kimanin kashi 56, ba 62 ba. Kashi 34 ɗin nan na dattawa ba abin jingina ba ne, domin tazarar kuskure a kan mutum 50 ta kai kimanin maki 14 sama ko ƙasa, amma duba abin da ke faruwa idan kika ɗauka cewa ko dattijo ɗaya ba zai saya ba: kina da 46.2, har yanzu kin haura 40. Wannan shi ne abin da za ki rubuta, kuma mai zuba jari da ya karanta shi hankalinsa zai fi kwanciya a kan wanda aka miƙa wa 62 tsurarsa.

Sai batun ƙara yawan mutane, wanda shi ne ruɗin da na fi cin karo da shi a wannan sana'a, kuma shi ya fi ɓata mini rai, domin masu yin sa galibi ba jahilai ba ne, sun dai riƙe rabin darasi ne suka saki rabi. Kuskure a bincike iri biyu ne. Akwai na sa'a, wanda ke zuwa saboda an tambayi wasu ba kowa ba, kuma shi ne ƙaruwar adadi ke ragewa. Ana ƙiyasta shi a sauƙaƙe da `1/√n`, inda n yake nufin yawan waɗanda suka amsa, wanda ke ba da maki 5 ga mutum 400, maki 2.5 ga mutum 1,600. Akwai kuma na karkata, wanda ke zuwa daga hanyar da aka bi aka kai ga mutanen da kuma waɗanda suka yarda su amsa. Wannan na biyun ko kaɗan adadi ba ya taɓa shi. Idan kuka kira wasu dubbai da jerin lambobi iri ɗaya, a lokutan yini iri ɗaya, dattawa za su ci gaba da zama kusan kashi 12, sakamakon zai ci gaba da zama kusan 62, sai dai yanzu za a rubuta masa ƙaramar tazara a gefe, ya fito da kamannin tabbas. Mai auna yadi da tanƙwararren ma'auni, ko sau ɗari ya sake awo, kuskure ɗaya zai yi ta maimaitawa.

An ga wannan tun 1936 a Amurka. Mujallar Literary Digest ta aika takardun jin ra'ayi kimanin miliyan 10, fiye da miliyan 2 suka dawo, ta kuma yi hasashen cewa Alf Landon zai kayar da Franklin Roosevelt a zaɓen shugaban ƙasa. Roosevelt ya ci zaɓen da kusan kashi 61 na ƙuri'u. Jerin sunayen mujallar ya dogara da irin su kundin masu waya da masu mota, waɗanda kuma suka ɗauki wahalar mayar da takarda sun fi karkata ga Landon. George Gallup, wani mai binciken jin ra'ayin jama'a, da samfurin da bai ko kusanci nata a yawa ba, ya faɗi wanda zai ci daidai. Duk da haka har gobe akwai masu kiran kansu ƙwararru da ke watsa tambayoyi a kafofin sada zumunta, duk wanda ya ga dama ya cika, sannan su manna "tazarar kuskure maki 2" a ƙarshe. Wannan lissafi an gina shi ne a kan tsamo waɗanda za a tambaya ta hanyar ƙuri'ar sa'a, inda kowa yake da damar shiga da aka sani. Ɗora shi a kan waɗanda suka kawo kansu yaudara ce, ko da ba a yi niyyarta ba.

Wannan ya kawo mu ga giɓin da ya fi na dattawa girma a aikinki, wato mutum 1,600 da ba su amsa ba. Rahotonki yana ɗauka a ɓoye cewa ra'ayinsu daidai yake da na waɗanda suka amsa, to fito da wannan zato fili, ki kuma auna shi. Waɗanda suka amsa kashi 20 ne na waɗanda aka kira, don haka kafin jimla ta faɗi ƙasa da 40, sai masu son saye a cikin sauran kashi 80 sun gaza kashi 36, wato ƙasa da 56 ɗin naku da maki 20. Ko hakan mai yiwuwa ne? Rajistar kira za ta ba ki haske: kwatanta waɗanda suka amsa a kiran farko da waɗanda sai da aka bi su sau uku ko huɗu, domin na biyun sun fi kama da waɗanda ba a samu ba. Idan tazarar ƙarama ce, ki faɗa da ƙarfin gwiwa. Idan ta kusanci maki 20, shawarar ce ke buƙatar gyara, ba lafazin ba.

Ki kuma ƙara jumla ɗaya cewa abin da aka auna niyyar saye ce, wadda ta saba ɗara saye na haƙiƙa, don haka adadin ya isa hujjar fara sayarwar gwaji amma bai isa a lissafa kuɗin shiga da shi ba. Ƙananan abubuwa da ba sa motsa sakamako ki tura su rataye. Manyan nan kuwa su zauna a shafin farko kusa da adadin, kamar haka: "Bayan daidaita shekaru, kimanin kashi 56 sun nuna niyyar saye. Ko da babu ɗan sama da shekara 45 da zai saya, adadin ba zai gaza 46 ba. Shawarar za ta sauya ne kawai idan waɗanda ba su amsa ba sun gaza kashi 36." Idan shugabanki yana da kuɗin ƙarin kira, a kashe su a kan neman dattawa da sake bin waɗanda ba su ɗaga waya ba.