Ruwan ɗacin alobera da tsokar cikinta: magani biyu a ganye ɗaya

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mazauniyar Tudun Wada ce a Gombe. Mahaifiyata tana fama da taurin bayan gida, sai aka ce mu riƙa markaɗa mata ganyen alobera ɗungurungum a bilenda tana sha bayan isha'i. Yana aiki, amma kullum da asuba sai cikinta ya murɗa, kwanan nan kuma tana kukan kasala. Tana shan maganin hawan jini. Sannan ƙanwata an yi mata tiyatar haihuwa, ana cewa ta shafa alobera a wurin ɗinkin. Shin wanda ake sha da wanda ake shafawa duk abu ɗaya ne?

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya raya abin da aka samu. Kafin komai, a dakatar da wannan haɗin daga yau, kuma kada a sa wa mai jego komai a ɗinkinta. Ga dalilina a matsayina na mai aikin haɗa magunguna.

Ki yanki ganye ɗaya daga gindi, ki jingine shi a kofi, wurin yankan yana kallon ƙasa. Cikin 'yan mintuna za ki ga wani ruwa mai launin ɗorawa yana tsiyaya, mai wari, mai ɗacin da ke daɗewa a harshe. Idan ya sha iska sai ya koma ruwan ƙasa. Daga wasu siraran jijiyoyi da ke manne a ƙarƙashin koren ɓawo yake fitowa. Idan kuma kika fere ɓawon, sai ki tarar da tsoka garai-garai mai yauƙi kamar kuɓewa, wadda 'yan kanti ke kira jel. Maƙwabtan juna ne, tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai kaurin farce ba, amma ba su haɗa komai ba ta fuskar sinadari. Haka abin yake a 'yar'uwar alobera ta dajinmu, wadda ake kira zabo ko kabar giwa.

Tsokar nan kusan kashi 99 cikin ɗari ruwa ce. Ɗan abin da ya rage yawancinsa dogayen sarƙoƙin sukari ne masu riƙe ruwa, fitacce a cikinsu shi ne asimanan, kuma su ne ke ba ta yauƙi. Shi kuwa ruwan ɗacin, abin da ke cikinsa shi ne aloyin, ɗan gida ɗaya da sinadarin da ke cikin filasko, wanda iyayenmu suka daɗe da saninsa a wankin ciki. Idan aka busar da ruwan ya zama baƙin dunƙule, fiye da rubu'in nauyinsa aloyin ne da danginsa. Bilenda ba ta san wannan bambanci ba, duka take haɗa wa Hajiya a kofi ɗaya.

Lokacin da cikin ke murɗawa shi ya tona asirin mai laifin. Aloyin yana ɗauke da wani ɗan sukari a jikinsa wanda ruwan ciki da ƙaramin hanji ba sa iya cirewa, don haka yakan wuce su salin-alin. Sai ya isa babban hanji ƙwayoyin halittar da ke zaune a can suke yanke sukarin, a nan ne yake farkawa. Abu biyu yake yi: ya hana hanji tsotse ruwa da gishiri daga bahaya har ma ya sa shi zubo nasa, sannan ya tsokani bangon hanji ya riƙa matsawa da ƙarfi. Wannan tafiya takan ɗauki awa 6 zuwa 12. Wanda ya sha da ƙarfe tara na dare, ƙarfe biyar na asuba awa takwas ke nan cif. Tsoka zalla da aka wanke da kyau ba ta yin haka.

Matsalar tana ga awo. A likitance, abin da babba zai sha na wannan sinadari a rana miligiram 10 zuwa 30 ne, wato busasshen ruwan ɗacin da bai wuce kashi ɗaya cikin goma na giram ba, kuma ba a wuce sati ɗaya zuwa biyu ana sha. Ganyen da aka yanko a bayan ɗaki ba shi da ma'auni. Girmansa, shekarun shukar, da yawan ban-ruwan da take samu duk suna canza ƙarfinsa, ta yadda kofin yau zai iya ninka na jiya ba tare da kowa ya sani ba.

Kasalar ce ta fi damuna. Duk zawon da aka yi yana tafiya da gishirin fotasiyam, wanda tsokokin jiki da zuciya ke dogaro da shi. Wasu magungunan hawan jini, waɗanda ke sa yawan fitsari, su ma fotasiyam suke zubarwa ta ƙoda. Tulu ɗaya ke nan da huda biyu. Alamun ƙarancinsa su ne kasala, ɗaurewar jijiyar ƙafa da dare, da bugun zuciya da ke tsallake. Ga mai shan maganin zuciya na dijokzin haɗarin ya fi haka, domin ƙarancin fotasiyam na mai da maganin guba. Wani abin takaici kuma, ƙarancin fotasiyam yana kashe wa hanji kuzari, sai taurin bayan gidan ya ƙaru, sai a ƙara yawan alobera, a yi ta zagaye. Ki kai Hajiya asibiti cikin satin nan, ki kwashi duk kwalayen magungunanta, ki faɗa wa likita ainihin abin da take sha da tsawon lokacin, a auna gishirin jini da aikin ƙoda. Idan zuciya na bugawa ba daidai ba ko jiri na ɗibarta, yau za a je. Kada ta daina maganin hawan jininta da kanta. Ki kuma ambaci taurin bayan gidan, domin wani lokaci maganin hawan jinin ne ko maganin ƙarin jini ke jawo shi, kuma idan ya zo wa dattijo sabo tare da jini a bahaya ko rama, bincike yake buƙata ba wankin ciki ba. Idan kin lura fitsarinta ya yi ja-ja, aloyin kansa na yin haka, amma a faɗa wa likita.

Hukumomi ma sun ja baya da shi. A 2002 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta cire alobera daga magungunan wankin ciki da ake saya ba da takardar likita ba, saboda kamfanoni ba su kawo hujjar amincinsa ba. Daga baya gwaji ya nuna ƙari a babban hanjin ɓerayen da aka shayar da ruwan ganyen ɗungurungum na shekara biyu, abin da ya sa cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a rukunin abubuwan da mai yiwuwa su jawo daji ga mutum. Ɓera ba mutum ba ne, kuma ban faɗi wannan don in tsorata ki ba, amma irin haɗin da aka gwada shi ne irin na bilendarku. Kamfanonin kirki suna tace nasu da gawayi na musamman har aloyin ya sauka ƙasa da kashi 10 cikin miliyan. Mai ciki, mai shayarwa, yaro ƙasa da shekara 12, da mai ciwon ƙoda ko hanji, ruwan ɗacin nan ba nasu ba ne sam. Mai jegonku tana cikin wannan sahu.

Yanzu batun rauni. A nan tsokar ake nufi, ruwan ɗacin ba shi da aiki a kan ciwo sai ƙaiƙayi da zafi ga wasu. Tunanin da ke bayan amfani da tsokar ba shirme ba ne: rauni ya fi saurin haɗewa idan yana da ɗan danshi, ita kuma tana riƙe ruwa tana sanyaya fata, kuma a ɗakin gwaji an ga asimanan yana zaburar da ƙwayoyin da ke gyaran fata. Sai dai abin da aka gani a kwano ko a jikin ɓera ba lallai ya tabbata a jikin mutum ba.

Inda hujjar ta ɗan fi tsayawa shi ne ƙuna marar zurfi. Wani nazari na 2007 da ya tattara gwaje-gwaje huɗu ya sami cewa irin wannan ƙuna ta warke da wuri da kusan kwana tara. Amma gwaje-gwajen ƙanana ne, kowanne da irin haɗinsa. A 2012 wani nazarin ya tace gwaji bakwai da suka shafi mutum 347 masu raunuka iri-iri, ya kammala da cewa babu ingantacciyar hujjar da za a ce alobera tana warkar da rauni. Ni dai abin da nake faɗa wa masu zuwa wurina shi ne, tana sanyaya ƙaramar ƙuna, iyakar abin da zan tsaya mata ke nan.

Ga ƙanwarki kuwa akwai gwajin da ya shafe ta kai tsaye. A 1991 an gwada jel ɗin alobera a kan matan da ɗinkinsu na tiyatar haihuwa ko ta mara ya buɗe, ana jiran ya cike daga ciki. Waɗanda aka yi wa wankin ciwo na yau da kullum sun warke a kwana 53 a matsakaici, waɗanda aka ƙara wa alobera sai da suka kai kwana 83. Matan ba su da yawa, ashirin da ɗaya ne, amma wata guda na jinkiri ba abin wasa ba ne. Wannan ma jel ne da aka haɗa don jinya. Wanda aka fere da wuƙar kicin, daga shukar da kaji ke tono a gindinta, yana iya shigar da ƙwayoyin cuta cikin ɗinki. Ta bar wurin a tsabtace a bushe kamar yadda aka gaya mata. Idan ya yi ja, ya kumbura, yana fitar da mugunya ko wari, ko zazzaɓi ya zo, ta koma inda aka yi mata aikin.

Idan tafasasshen ruwa ko gefen tukunya ya ɗan taɓa wani a gida, abu na farko shi ne a zuba wa wurin ruwa mai sanyi na minti 20, ba ƙanƙara ba. Bayan nan, in fatar ta yi ja ne kawai ba ta saɓule ba, ana iya shafa tsokar. A jingine ganyen kamar minti 15 ruwan ɗacin ya tsiyaye, a wanke, a yanke ƙayoyin gefe, a fere ɓawon sama da ƙasa da wuƙa mai tsabta, a ɗauraye tsokar har sai ba ragowar kore ko ɗorawa. Ki ɗan taɓa a harshe: in da ɗaci, da sauran aloyin, a sake wankewa. A yi amfani da ita a ranar, domin ba ta jure zafin Gombe, da wuri take lalacewa. Ƙunar da ta fi tafin hannun mai ita faɗi, ko ta fuska, hannu, gaɓa ko al'aura, ko wadda ta yi fari ko baƙi ba ta zafi, ko ta jariri, asibiti za a nufa da ita a rufe da ƙyalle mai tsabta.

Ita kuwa Hajiya, kafin ganin likita a ba ta ruwa isasshe, a yawaita mata miyar ganye da kuɓewa, zogale, wake da gwanda, ta riƙa ɗan zagaya tsakar gida safe da yamma. Kwana biyu ko uku na farko bayan an daina haɗin za ta iya rasa bayan gida, domin hanjin an wanke shi tas kuma ya saba da tsokana. Kada wannan ya sa a koma wa bilenda. In ya wuce haka, ko ciki ya kumbura da amai, a gaya wa likita, akwai magunguna masu laushi irin su laktulos da za a iya auna mata da cokali.