Sikanin zuwa folda ko zuwa imel, wanne ya fi wa mai shago?

"Salam Malam. Ina da shagon hotokwafi, na sayi babbar firinta ta hannu mai yin sikanin, amma kullum sai da filashi nake kwashe aikin kwastomomi. Imel zan saita ko folda a kwamfuta? Wanne ne ba zai ci min kuɗi ba?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya sa wa kasuwa albarka. Ni dai folda zan ce ka fara da ita, don ba ta cin data ko ta kwabo, firinta da kwamfuta su kasance a kan rauta ɗaya kawai, ko babu intanet aiki zai tafi.

Ka buɗe folda a kwamfutar ka sa mata suna Scan, ka ƙirƙiri sabon akawun a Windows mai fasuwod, sai ka raba foldar da shi ka ba shi izinin Read/Write. Kar ka ba firinta akawun ɗinka na kanka, ranar da ka canza fasuwod sikanin zai tsaya cak. Netwok ɗin kuma ya zama Private, in yana Public firinta ba za ta ga foldar ba. Daga nan ka buɗe cmd ka rubuta:

```
ipconfig
```

Ka duba IPv4 Address. A ce ya nuna 192.168.1.10, to a littafin adireshi na firintar ka zaɓi SMB, wato hanyar tura fayil zuwa foldar da aka raba, ka sa \\192.168.1.10\Scan da sunan akawun ɗin da fasuwod ɗinsa.

Ga inda ake wahala. Yau komai lafiya, gobe an ɗauke wuta an dawo da ita, rauta ta ba kwamfutar wata lamba daban, firinta kuma tana can tana neman tsohuwar, ga kwastoma a tsaye yana jira. Kafin ka biya wani kuɗin gyara sake buga ipconfig, in lambar ta canza to matsalar kenan. Ka shiga saitin rauta ka ware wa kwamfutar lambar da ka sa a firintar ta dindindin, shi kenan ka huta.

Tunda firintar ta hannu ce, mai yiwuwa SMB1, wato tsohon nau'in SMB, kaɗai ta sani, Windows 10 kuwa tun 2017 ba ya zuwa da shi a kunne saboda raunin tsaro. Ka nemi sabuwar manhajar cikin firintar, wato firmware, a shafin kamfaninta tukuna, kar ka yi saurin kunna SMB1 a kwamfutar da takardun mutane ke ciki.

Imel kuma ka bar shi don wanda ya ce a tura masa kai tsaye. In Gmail ne, a saitin imel na firintar ka sa smtp.gmail.com da port mai lamba 587, kuma fasuwod ɗinka na kullum ba zai shiga ba tun 2022, sai ka kunna 2-Step Verification ka ciro App password mai haruffa 16. Abin da ya wuce megabayit 25 ba zai tafi ba, don haka takardar rubutu zalla ka yi ta baƙi da fari a 200 dpi. Kuɗin datar kuma ka saka shi cikin farashin da kake caja.