Ba ni da digiri, me zan rubuta a takardar neman aikin haɗa manhaja?

Tambaya: Assalamu alaikum. Da kaina na koyi haɗa manhaja, shekara 2 ke nan ina amfani da Python da Django, amma ban yi jami'a ba. Wani kamfani na neman sababbin hannu, sun ce a turo takardar neman aiki. In faɗi cewa ba ni da digiri ko in yi shiru? Abin da na taɓa ginawa kawai shi ne manhajar rubuta bashi ta shagon kawuna a Kantin Kwari.

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka faɗa, amma a jimla ɗaya, can ƙasa, kuma kada ka ba da haƙuri. Wanda ya buɗe takarda da "duk da cewa ban yi jami'a ba" ya riga ya karya farashin kayansa tun ba a taya ba.

Kuma ka cire "kawai" ɗin nan. Manhajar da ake aiki da ita a kasuwa ta fi darussan kwaikwayo goma daraja, domin ta gamu da mutane da matsalolinsu. Da ita za ka fara, kamar haka, sai ka sa alƙalumanka na gaskiya:

"Na gina manhajar rubuta bashi da Django, wadda yaran shago 3 ke amfani da ita kullum tun wata 8 da suka wuce. Da farko idan sabis ya yi rauni sukan danna maɓallin ajiyewa sau biyu, sai bashi ɗaya ya shiga sau biyu. Na magance haka ta hanyar bai wa kowace shigarwa lambar shaida tata, rumbun bayanai kuma ya ƙi karɓar lambar da ya taɓa gani."

Mai ɗaukar aiki zai ga ka gano matsala, ka bi ta har tushe. Ka shirya, a kanta za a yi maka tambayoyi ranar ganawa.

Daga nan sai jimla biyu kan abin da tallarsu ta nema wanda ka iya, sai maganar koyo da kanka, sai adireshin GitHub ɗinka. Kada ta kai shafi guda.

Inda na fi ganin ana faɗuwa shi ne adireshin nan. Ka buɗe shi a wayar wani ka tabbatar ba a kulle yake ba. Ka rubuta README mai bayanin yadda ake tayar da manhajar. Ka duba kada fayil ɗin `.env` ko sunayen waɗanda kawu ke bi bashi su hau, domin wannan amana ce. Ka sa sunayen gwaji. Idan `SECRET_KEY` ya taɓa hawa, gogewa ba ta isa ba, yana nan a tarihin ajiyar, sai ka canza shi.

Ka kuma sake karanta tallar. Idan ta ce digiri ko ƙwarewar da ta yi daidai da shi, tura yau. Idan ta wajabta takardar kammala bautar ƙasa, yawanci tun a tacewar farko ake ajiye wanda ba shi da ita, gara ka kai ƙarfinka ƙananan kamfanoni, inda injiniyan da za ka yi aiki a ƙarƙashinsa kan karanta takardar da kansa.